Tsakanin ciniki da karatu: mai shagon da ke neman zama akanta

A wani layi na Kasuwar Sabon Gari a Kano, akwai wani matashi mai shagon kayan masarufi da ke ajiye littafi a ƙarƙashin kanta. Mai saye na juya baya, sai ya jawo shi. Jarrabawar ATSWA yake shirin rubutawa, wadda cibiyar akantoci ta ICAN ke gudanarwa a Nijeriya. Mataki uku ce, kowanne da darussa huɗu, kuma ana shiga da sakamakon sakandare, ba sai da digiri ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya mai da shagonsa ajin karatu. Ƙa'idar farko da littafin ya koya masa ita ce kowane ciniki sau biyu ake rubuta shi: inda abu ya fito da inda ya shiga. Wata uwa ta ɗauki katan ɗin taliya ta ce, "Ɗana, sai ƙarshen wata." A da sunanta kawai yake rubutawa. Yanzu yana shigar da ciniki a shafi ɗaya, bashin a wani shafin.

Da wata ya ƙare, ya zauna ya yi lissafi. Ya fara watan da kaya na naira 400,000, ya saro na 900,000, na 350,000 suka rage. Ke nan kayan da suka fita sun ci masa 950,000. Ya sayar da su 1,100,000, haya da lantarki suka ɗauki 40,000, riba ta tsaya 110,000. Amma kuɗin hannunsa da 30,000 kacal suka ƙaru. Ina sauran? Naira 70,000 na wurin masu bashi, 60,000 kuma shi ya ɗiba ya yi cefanen gida. Da ma kuɗin ba za su kai haka ba, don dai ya cinye 50,000 daga tsohon kayansa ne bai mayar ba. Nan ya gane riba daban, kuɗin aljihu daban, kuma kuɗin cefane ba ya cikin ɗawainiyar shago. Ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe.

Sai dai karatun tsakanin masu saye yana da iyaka. Minti biyar sun isa a haddace wata ƙa'ida ta dokar kasuwanci, amma ba su isa a haɗa cikakken lissafin shekara ba. Ya gwada wata tsohuwar tambaya, aka katse shi a tsakiya, da ya dawo sai ɓangarorin biyu suka ƙi daidaita, bai kuma san inda ya tsallake ba. Tun daga nan ya raba aikin: hadda a shago, dogon lissafi bayan sallar asuba, da agogo a gabansa.

Duk mai shagon da ke da wannan niyya, ya ware lokacin da babu mai kiransa ya riƙa amsa tsofaffin tambayoyi a zama ɗaya, domin haka za a nema daga gare shi a zauren jarrabawa.