Tudu ko Kwari: Yadda Ake Karanta Giraf ɗin Aikin Enzayim

Idan ka daɗe kana tauna lomar gurasa, za ka ji ta fara zaƙi. Aikin amiles ne, wani enzayim da ke cikin yawu, wanda ke farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Enzayim furotin ne da ke gaggauta sarrafa sinadarai a jiki, kuma saurin aikinsa ya dogara da zafi da kuma tsamin wurin da yake. Shi ya sa a jarrabawar ilimin halittu ta WAEC ko NECO ake iya ajiye wa ɗalibi giraf a ce ya fassara shi. Inda ɗalibi ke tuntuɓe shi ne ya haddace siffar tudu, ya manta da karanta abin da aka rubuta a gefen zanen.

Mu ɗauki misali. An zuba amiles a ruwan sitaci, ana ɗiban ɗigo ana gwadawa da aidin. Muddin akwai sitaci, aidin zai rine ya koma shuɗi mai duhu. A digiri 10 na Salshiyas, sitacin ya ɓace cikin minti 16. A digiri 20 minti 8, a 30 minti 4, a 40 minti 2. A digiri 50 lokacin ya koma minti 10, a 60 kuwa an yi rabin sa'a launin bai gushe ba.

Layin kwance yana nuna zafi. Layin tsaye fa? Idan lokaci aka sa masa, zanen zai fito kamar kwari, kuma ƙasan kwarin shi ne inda enzayim ya fi sauri, domin wanda ya gama aiki a minti 2 ya fi wanda ya kai 16. Wanda ya nuna wuri mafi tsawo a nan ya juya amsa ke nan. Idan kuma sauri aka sa, sai a ga tudu. Ana samun sauri ta raba 1 da lokacin: a digiri 40 zai zama 0.5 a minti, a digiri 20 kuma 0.125.

Tudun nan ba daidai yake da gefe biyu ba. Hawansa a hankali ne, saukarsa kuwa kamar gangaren rijiya, kuma kowane gefe da dalilinsa. A wajen hawa, ƙarin zafi yana ƙara wa ƙwayoyin sinadaran kuzari, su riƙa karo da juna akai-akai. A misalinmu, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin sau biyu. A wajen sauka, zafi ya karya ƙananan ɗaurin da ke riƙe da siffar furotin ɗin, gurbin da sitaci ke shiga ya karkace, kamar kwaɗon da ya lanƙwashe mukulli ya daina shigarsa.

A nan akwai bambancin da mai gyaran takarda ke nema. Sanyi kwantar da enzayim yake yi kawai. Ka ɗumama shi ya ci gaba da aiki. Zafi mai yawa kuwa ɓata siffarsa yake yi, kuma dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Kada a rubuta cewa enzayim ya mutu, don ba shi da rai tun farko.

Sai batun zafi mafi dacewa. A kusa da ƙololuwar, an auna a 30, 40 da 50 ne kawai, saboda haka amsar gaskiya ita ce ƙololuwar tana kusa da 40, tsakanin 30 da 50. Zafin jikin mutum wajen digiri 37 ne, amma abin da zanen ya nuna za ka faɗa, ba abin da ka haddace ba. Akwai enzayim na ƙwayoyin halittar da ke zaune a maɓuɓɓugan ruwan zafi waɗanda ƙololuwarsu ta haura digiri 70.

Giraf ɗin pH wani abu ne dabam. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa. A nan gefe biyun duk dalilinsu ɗaya: kauce wa pH mai dacewa, ta hagu ko ta dama, yana sauya siffar gurbin. Fefsin na tumbi ya fi aiki wajen pH 2, amiles na yawu kusa da 7, tirifsin na ƙaramin hanji wajen 8. Idan aka zana tudu uku ba suna, matsayin ƙololuwa ne zai gaya maka gidan kowanne. Ka tuna kuma tazarar lamba ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ce ta tsami.

A ƙarshe, dubi abin da tambayar ta nema. Idan an ce ka bayyana abin da ka gani, kawo lambobi: lokaci ya ragu daga minti 16 zuwa 2 tsakanin digiri 10 da 40, sannan ya ƙaru zuwa 10 a digiri 50. Idan dalili aka nema, sai ka kawo karo da ɓacin siffa. Amma kafin biro ya taɓa takarda, sa yatsa a layin tsaye ka karanta: lokaci ne ko sauri?