Ciwon ƙirji mai kamar ana yaga ka: ba kullum ne bugun zuciya ba

Ranar 11 ga Satumba, 2003, ɗan wasan barkwancin Amurka John Ritter yana wurin ɗaukar shiri sai ciwon ƙirji ya turnuƙe shi. A asibiti aka fara yi masa maganin bugun zuciya. Ko da aka gano ainihin matsalar, lokaci ya ƙure. A daren ya rasu yana da shekara 54. Babbar jijiyar jininsa ce ta tsage.

Wannan jijiya, da likitoci ke kira awota, ita ce ke kwasar jini daga zuciya, ta yi sama, ta lanƙwasa, sannan ta gangara ciki. Bangonta hawa uku ne. Idan na ciki ya yage, jini zai kutsa tsakani yana ɗaye bangon, kamar yadda ruwa ke shiga bayan filasta. Daga nan tana iya fashewa, ko jini ya daina isa ƙwaƙwalwa ko ƙoda.

Ciwon farat ɗaya yake zuwa da cikakken ƙarfinsa, kamar an yaga ka ko an soka maka wuƙa, kuma yakan ratsa zuwa baya tsakanin kafaɗu. Wani lokaci awon jinin hannun dama ya sha bamban da na hagu. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi, amma fa matasa ba su tsira ba, musamman masu shaƙar hodar iblis da masu ciwon gado na Marfan, waɗanda galibi dogaye ne masu zara-zaran yatsu.

Hoton siti-sikan ne ke tabbatar da shi, sannan a bi rabon Stanford. Nau'in A ya taɓa sashen da ke tashi daga zuciya, kuma tiyata yake buƙata nan take, don a farkon lamarin haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 duk awa. Nau'in B bai taɓa wannan sashe ba, shi ya sa ake fara shi da magani, sai in wata gaɓa ta rasa jini ko jijiyar na shirin fashewa.

Ko wanne ne, matakin farko shi ne rage ƙarfin da jini ke dukan bangon. Ana ba da mofin saboda zafi, da magani irin labetalol ta jijiya, har zuciya ta dawo bugawa kusan sau 60 a minti, lambar sama ta awon jini ta sauko tsakanin 100 da 120.

To, ga tarkon: maganin tsinka jini da ke ceton mai bugun zuciya yana iya ƙara wa wannan zubar jini. Don haka in ciwo irin wannan ya kama wani a gidanku, kar ku ba shi asfirin, kar ku tsaya kemis. Ku wuce babban asibiti, ku faɗa wa likita yadda ciwon ya fara da inda ya nufa.