Buhu 164.4 daga manoma goma: yadda ake binciken lissafin takardar bincike

Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da na jami'ar jihar Kebbi da ke Aliero kan fita ƙauyuka da takardun tambayoyi idan lokacin furojet ya zo. Manomin Sanyinna a ƙaramar hukumar Tambuwal, ko na ƙasar Kebbe, zai faɗi buhun da ya samu, ɗalibi ya rubuta, a koma makaranta a shigar cikin kwamfuta. Abin da ke fitowa a babi na huɗu ƴan lambobi ne kawai: jimla, matsakaici, da wata lamba da ake rubuta SD a samanta. Amsoshin manoman kuwa, in an yi sa'a, suna can baya a rataye, inda ba kowa ke leƙawa ba. Gaskiyar magana ita ce lambobin gaba ƴaƴan jadawalin baya ne, kuma duk mai kalkuletar waya zai iya tabbatar da hakan ko ya ƙaryata shi.

Bari mu ƙaga misali mu bi shi daki-daki. A ce ɗalibi ya tambayi manoman shinkafa goma a Sanyinna yawan buhun da kowa ya girbe, jadawalinsa na asali kuma ya nuna haka: 12, 15, 18, 14, 20, 16, 13, 17, 19, 16. A babin sakamako sai ya rubuta cewa manoma 10 ne, jimlar buhu 160, matsakaici 16.44, SD kuma 0.82.

Kafin a taɓa kalkuleta, a fara ƙirga layuka da yatsa. Goma ne, sun yi daidai da abin da takarda ta ce. Mutane na raina wannan mataki, alhali sau da yawa nan ake cin karo da takardar da ta ce an tambayi mutum 120, jadawali kuma ya tsaya a 113, ba tare da an faɗi inda bakwai suka shiga ba. Sai a tara: 12 da 15 sun ba da 27, a ci gaba har ƙarshe, a samu 160. Jimla ta tsira. To amma matsakaici ai jimla ce a raba da yawan mutane, kuma 160 a raba gida goma 16 ne cif. Daga ina 16.44 ta fito?

Akwai dabarar da za ta nuna wannan lamba ba ta yiwuwa ko da ba a ga jadawalin ba. A ninka matsakaicin da yawan mutanen: 16.44 sau 10 ya ba da 164.4. Idan kowane manomi cikakken buhu ya faɗa, dole jimlarsu ta zama cikakkiyar lamba, don haka matsakaicin mutum goma zai iya zama 16.4 ko 16.5, amma ba zai taɓa zama 16.44 ba. Ko da an yarda da rabin buhu, abin da zai yiwu shi ne 16.40 ko 16.45. Masu bincike biyu, Nick Brown da James Heathers, su ne suka tsara wannan gwaji a 2016 suka sa masa suna GRIM. Yana da iyaka: yana aiki ne a kan abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, kamar buhu, ƴaƴa, awaki ko amsar da aka ba maki 1 zuwa 5, kuma idan matsakaicin yana da lamba biyu bayan ɗigo, to sai mutanen ba su kai ɗari ba. Nauyin da aka auna a sikeli, irin kilo 47.3, ba ya shiga wannan gwajin.

Gano cewa lamba ba daidai ba ce rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda ya fi daɗi a wurina, shi ne gano hanyar da ta biyo. A gwada ninka 16.44 da tara maimakon goma: an samu 147.96, wato 148 in an cike. A cire 148 daga 160, saura 12. Wane ne mai buhu 12? Manomi na farko a jadawali. Ke nan an yi lissafin da mutum tara, an bar na farko a waje. A manhajar Excel haka kan faru idan hannu ya zame wajen jan layuka:

```
=AVERAGE(B3:B11)
=AVERAGE(B2:B11)
```

Layin farko shi ne abin da aka buga, na biyu shi ne abin da ya kamata. Haka kuma idan an shigar da 12 ɗin a matsayin rubutu, manhajar za ta tsallake ta shiru, ba gargaɗi. Buga `=COUNT(B2:B11)` zai tona wannan, domin zai ce 9.

Kada a ɗauka ƙananan ɗalibai kaɗai ke faɗa wa wannan rami. A 2010 manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa cewa ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da suke samarwa a shekara, matsakaicin bunƙasarsu yana faɗuwa zuwa ƙasa da sifiri, wato -0.1. Ƴan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi ainihin jadawalinsu, ya tarar jan layukan bai kai ƙarshe ba, an bar ƙasashe biyar a waje: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa suka gyara wannan tare da wasu matsaloli na zaɓen shekaru da yadda aka auna ƙasashen, sai lambar ta koma 2.2.

Mu koma kan SD, wadda ta fi tsorata masu karatu ba tare da dalili ba. Aikinta shi ne ta faɗi yadda amsoshi suka warwatsu daga matsakaici. Ana samo ta ne da hannu kamar haka. A cire 16 daga girbin kowane manomi, a samu -4, -1, 2, -2, 4, 0, -3, 1, 3, 0. In an tara waɗannan dole su ba da sifiri, kuma wannan kansa shaida ce cewa matsakaicin daidai ne. Sai a ninka kowace da kanta: 16, 1, 4, 4, 16, 0, 9, 1, 9, 0, jimlarsu 60. A raba 60 da tara, wato yawan mutane a rage ɗaya, a samu 6.67. A danna maɓallin √ a kalkuleta, amsa ta fito 2.58. Wannan ce SD ta manoman nan goma.

Wanda ya ga 2.45 a takarda kada ya yi saurin cewa an yi kuskure. Da goma aka raba maimakon tara. Excel na da duka biyun: `STDEV.S` tana raba da tara, `STDEV.P` da goma. Tunda manoma goma samfuri ne daga cikin manoman gari, ta farko ce ta dace, amma bambancin ƙarami ne kuma yana ƙara shuɗewa idan mutane sun yi yawa. Wanda ya ga 6.67 kuwa, an manta da maɓallin ƙarshe ne, kuma ido kaɗai ya isa ya kama shi: tsakanin mafi ƙarancin girbi da mafi yawa buhu takwas ne, SD kuma da ƙyar take wuce rabin wannan tazara. Ɗalibinmu dai 0.82 ya rubuta. A raba 2.58 da √10, wato 3.16, sai ga 0.82. Wannan wata lamba ce dabam da ake kira SE, mai nuna yadda matsakaicin kansa zai iya motsawa in an sake ɗiban wasu manoman. Sanya ta a gurbin SD na sa mai karatu ya zaci girbin manoman kusan ɗaya ne, alhali akwai mai 12 akwai mai 20.

Akwai kuma matsalar da lissafi ba ya warwarewa sai an koma ga takardun tambayoyin. A ce akwai manomi na sha ɗaya da ambaliya ta cinye gonarsa, bai samu ko tiya ba. Idan an rubuta masa 0, matsakaici ya sauko zuwa 14.55. Idan an bar gurbinsa fayau, manhajar ta tsallake shi, matsakaici ya tsaya a 16. Wanda bai girbe komai ba sifiri ne haƙƙinsa, wanda ya ƙi amsawa kuma gurbi. Haɗa su wuri ɗaya na ɓoye asarar da wataƙila ita ce babban labarin damanar.

Layin ƙasa na jadawali, inda ake rubuta jimla, yana da nasa tarkon. A ce an ƙara manoma 30 daga Kebbe masu matsakaicin buhu 12. Mai gaggawa zai haɗa 16 da 12 ya raba biyu ya rubuta 14. Daidai shi ne a koma ga buhunan: 160 na Sanyinna da 360 na Kebbe sun zama 520, a raba da mutum 40, a samu 13. Amma kason cikin ɗari da ya taru ya ba da 99.9 ko 100.1 ba abin damuwa ba ne, cike lambobi ne ya jawo. Idan ya kai 108 ne za a tambaya ko an bar mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya.

Saɓani guda ɗaya ba ya nufin maguɗi, kuma mafi yawansu zamewar hannu ce ko kwafe daga tsohon jadawali. Abin da ke ɗaga gira shi ne yawansu, da kuma karkatarsu duka zuwa ɓangaren da marubuci ke so. A 2017 Tim van der Zee, Jordan Anaya da Nick Brown suka bi takardu huɗu na ɗakin binciken Brian Wansink a Jami'ar Cornell, kan yadda mutane ke cin abinci a wani gidan abinci, suka lissafa saɓani kusan 150 ba tare da sun ga jadawalin asali ba. Jami'ar ta yi bincike, a 2018 ta same shi da saɓa ƙa'idar bincike, ya ajiye aiki.

Haka nan dacewar lambobi da jadawali ba ta tabbatar da cewa an je Sanyinna. Wanda ya zauna a ɗakinsa ya cike takardun tambayoyi da kansa, matsakaicinsa da SD ɗinsa za su fito tsaf, tunda kwamfuta ba ta san wanda ya amsa ba. Wannan sai malamin da ke duba aikin ya nemi takardun asali da sunayen unguwannin da aka shiga da ranakun fita.

Wanda ya samu saɓani kuma yana son a gyara, ya rubuta wa marubucin ko malaminsa da lambobi a hannu: jadawali na kaza, layi na kaza, an rubuta 16.44, lissafi daga rataye ya ba da 16.0, kuma 16.44 na fitowa ne idan an bar manomi na farko. In takardar ta riga ta fito a mujalla, edita ake aika wa irin wannan bayani, shi ne zai nemi jadawalin daga marubucin ya buga gyara.