Ƙafar Mai Tatata Ba Ta Son Kurkuku

Da zarar yaro ya saki bango ya yi taku biyu ko uku, sai gida ya kaure da murna, kuma ba a daɗewa wani zai dawo daga kasuwa da ɗan takalmi a leda. Galibi mai tauri ne, mai kaurin ƙasa, wani har da fitila ko abin da ke ƙara a dunduniya. Niyyar mai kyau ce, domin ana ganin takalmi mai ƙarfi zai riƙe ƙafar yaro ya miƙar da ita. Sai dai likitocin ƙashin yara sun daɗe da gano cewa ƙafar ba riƙewa take buƙata ba, sarari take so ta yi aikinta.

Ƙafar babba tana da ƙasusuwa 26. Ta ɗan shekara ɗaya kuwa yawancinta guringuntsi ne mai laushi, wanda ke rikiɗewa zuwa ƙashi sannu a hankali. Akwai ma wani ɗan ƙashi a tsakiyar ƙafa, daidai inda tafin ke lanƙwasa, da ba ya fara ƙarfi sai wajen shekara uku. Abu mai laushi irin wannan yana bin duk siffar da aka matsa shi ciki, kuma yaron da bai iya magana ba ba zai ce takalmi ya matse shi ba. Iyakarsa ya yi ta ƙoƙarin cirewa, a ce masa mai ƙiriniya.

Duk wanda ya tsaya ya kalli mai tatata a kan tabarma ba takalmi zai ga abin da ake nufi. Yana buɗe ƙafafu, ya ɗaga hannaye, yatsun ƙafarsa su baje kamar za su damƙi tabarmar. Idan ya karkata gaba sai yatsun su danna ƙasa su mayar da shi, idan ya taka gefen tabarma ya sauka kan siminti sai ya ɗan dakata. Tafin ƙafa cike yake da jijiyoyi masu jin taɓi, su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa ko ƙasa tana da santsi, ko gangare ce, ko nauyin jiki ya koma gefe guda. Da wannan saƙon yaro ke koyon tsayuwa daidai. Sa masa takalmi mai kaurin ƙasa tamkar a ba mace safar hannu mai kauri ne a ce ta tsince shinkafa. Saƙon ya dushe, yatsu ba sa motsi, ƙananan tsokokin tafin ƙafa da ya kamata su yi ƙarfi ta hanyar aiki sun samu mai yi musu.

Abin da ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne ganin tafin ƙafar yaro a shimfiɗe, babu lanƙwasar nan ta tsakiya. A wannan shekarun haka ya kamata ta kasance: akwai kitse da ya cike wurin, kuma gaɓoɓin suna da sassauci. Lanƙwasar tana fitowa da kanta, yawanci zuwa shekara shida ko sama da haka. A 1989 likita Dennis Wenger da abokan aikinsa a birnin Dallas na Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da yara masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa, inda wasu suka sa takalman gyara na tsawon shekara uku, wasu ba su sa ba. A ƙarshe babu wani bambancin kirki tsakaninsu. A 1992 kuma likitoci biyu a Indiya, Rao da Joseph, suka duba sawun yara 2,300. Cikin masu sa takalmi, kashi 8.6 cikin ɗari suna da shimfiɗaɗɗiyar ƙafa, cikin masu yawo ba takalmi kuwa kashi 2.8 ne kacal, kuma abin ya fi yawa ga masu sa rufaffen takalmi. Wannan bincike alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa takalmin ne kaɗai sanadi ba, amma ya isa ya rushe zancen cewa takalmi ke gina ƙafa.

Saboda haka a cikin ɗaki, inda aka share, babu abin da ya fi ƙafa tsirara. Safa zalla a kan tayil ma haɗari ce, don santsi take ja. Idan sanyin hunturu ya matsa, a nemi mai ɗigon roba a ƙasa.

Waje kuma hukuncinsa daban. Yashin tsakar gida da rana tsaka a watan Afrilu yana iya ƙona tafin yaro, ga ƙaya da ƙarangiya, ga fasasshiyar kwalba, ga garwashin da ya faɗo daga murhu. A ƙasa mai damshi inda ake bahaya a fili akwai wata tsutsar ciki da ke shiga jiki ta fatar ƙafa, ta je hanji tana shan jini. A nan takalmi wajibi ne, amma aikinsa kariya ce kawai, don haka a nemi wanda ya fi kusa da rashin takalmi.

A ɗauki misalin yarinya 'yar wata goma sha uku da za a yi wa sayayyar Sallah. Uwa ta tsayar da ita a kan takarda, domin ƙafa tana bajewa idan nauyi ya hau ta, ta auna daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo, ta samu santimita 12. Tsinken tsintsiya ma yana wannan aikin, in dai a tsaye aka auna, kuma aka bi ƙafar da ta fi girma. Takalmin da ya dace shi ne wanda cikinsa ya kai kusan santimita 13, wato rarar kamar faɗin yatsa guda. A wurin mai takalmi sai ta lanƙwasa shi da hannu: ya kamata ya lanƙwashe cikin sauƙi daidai gindin yatsu. Wanda ya ƙi lanƙwasuwa a ajiye shi komai kyansa. Ƙasansa ya zama siriri, a shimfiɗe, ba tudu a dunduniya, ba santsi. Gabansa ya zama mai faɗi, jikinsa na yadi ko fata mai laushi da iska ke ratsawa, sannan da maɗauri, don silifas yana tilasta wa yaro ƙanƙame yatsu kada ya fita.

Jarabar da ke gaban uwar ita ce ta ɗauki mai santimita 15 don yarinya ta girma a ciki, kuma duk mai lissafin kuɗin cefane zai fahimce ta. Amma ƙafa tana zamewa a cikin irin wannan, bakinsa yana kama ƙasa, yarinyar da jiya take tafiya lafiya ta koma yawan faɗuwa. Gara mai araha daidai ƙafa da mai tsada da za a jira. Na gwanjo ko na yayanta ma sai an duba ƙasansa, idan ya cinye ta gefe guda zai karkatar da takunta.

A wannan shekarun ƙafa tana girma da sauri, don haka a riƙa dubawa duk wata biyu zuwa uku. Jan shati a fata bayan an cire takalmi, ko ƙuraje a dunduniya, ko yatsu a tattare, duk alamu ne cewa ya yi kaɗan.

Takalmi ba ya sa yaro tafiya da wuri. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 2006, wanda yaran Ghana ke cikinsa, ya nuna yara masu lafiya suna fara tafiya su kaɗai daga wajen wata takwas har zuwa kusan wata goma sha takwas. Yaron da ya wuce wata goma sha takwas bai taka ba, ko yana ɗingishi, ko ƙafa ɗaya ta bambanta da 'yar uwarta, ko ƙafafun suna ƙara gantsarewa maimakon su miƙe, asibiti za a kai shi a duba, kada a tsaya neman takalmin da zai gyara shi.