Auna Ɗigon Ruwan da Ido Ba Ya Gani

A ɗakin gwaji akwai sinadaran narkarwa, irin su toluwin, da ake son su kasance babu ruwa ko kaɗan. Ana gane ɗan abin da ya saura ne da dabarar Karl Fischer, Bajamushen da ya fito da ita a 1935. Aidin ne ke cinye ruwan, kuma a salon da ake kira kulometiri, lantarki ke samar da shi cikin wata rufaffiyar kwalba. Na'ura na ƙirga lantarkin da aka kashe: kulom 10.71 daidai yake da miligiram ɗaya na ruwa.

Babbar matsalar ita ce iskar ɗaki. Da damina, idan zafi ya kai digiri 30 kuma laima ta kai kashi 70 cikin ɗari, mililita ɗaya na iska na ɗauke da kusan maikirogiram 21 na ruwa. Shi ya sa ake ɗauraye sirinji sau uku da samfurin, a auna nauyinsa kafin allura da bayanta, a soka ta murfin roba ba tare da buɗe kwalbar ba.

Duk da haka laima na sulalowa a hankali. A ce tana shiga maikirogiram 5 kowane minti. Ka zuba giram ɗaya na toluwin, na'ura ta ƙirga 60 cikin minti biyu. Cire 10, saura 50, wato kashi 50 cikin miliyan. In sulalowar ta haura 10 a minti ko tana hawa da sauka, kada ka yarda da sakamakon. Duba murfin robar, galibi ya sha suka ya huje.