Waƙafin Sama a Rubutun Turanci: Ina Ake Sa Shi, Ina Ba a Sa Shi?

Mai rubutun Hausa ya saba da ɗan ɗigon nan mai jela da ke rataye a saman layi, domin kullum yana rubuta sa'a da ma'ana da 'ya'ya. A Hausa sauti yake wakilta, ana jin sa a maƙogwaro. A Turanci kuwa kunne ba ya jin sa ko kaɗan: boys da boy's da boys' duk furucinsu ɗaya ne, ma'anarsu uku. Shi ya sa ɗalibin da bakinsa ya iya Turanci yake asarar maki a takardar WAEC ko NECO, mai neman aiki kuma yake ɓata wasiƙarsa tun a layin farko. Aikin wannan alama, wadda za mu kira waƙafin sama, biyu ne kawai, kuma kowanne yana da hanyar gwaji.

Aiki na farko shi ne gajartawa. Turawa sun aro alamar daga rubutun Faransanci a ƙarni na 16 don ta nuna wurin da aka jefar da harafi. Idan aka haɗe do not ya zama don't, harafin o na kalmar not ne ya faɗi, waƙafin ya zauna a gurbinsa. Wanda ya rubuta do'nt ya sa alamar a mahaɗar kalmomin biyu, alhali ba a cire komai a nan ba. Haka I am yake zama I'm, they are yake zama they're. Akwai guda ɗaya da ta kauce wa tsari, sai dai a haddace ta: will not yana komawa won't. A wasiƙar neman aiki da rubutun ofis, gara ma a rubuta kalmomin a cike.

Aiki na biyu shi ne mallaka, kuma a nan ne harshenmu yake jan mu baya. Bahaushe yana fara ambaton abin da aka mallaka, ya liƙa masa -n ko -r, sannan ya kawo mai shi: gidan Musa, motar Binta. Bature yana juya tsarin, mai abu ne a gaba, kuma shi ne yake ɗauke da alamar: Musa's house, Binta's car.

Inda ake tuntuɓe shi ne jam'i. Dabarar da nake ganin ta fi kowace ita ce mutum ya fara rubuta mai abin shi kaɗai, yadda yake, kafin ya taɓa alamar. A ce ana son rubuta ɗakin malamai. Su wa ke da ɗakin? Malamai da yawa, wato teachers. Kalmar ta riga ta ƙare da s na jam'i, saboda haka waƙafi kawai za a ƙara a bayanta: the teachers' room. Da malami ɗaya ne, teacher za a fara rubutawa, a ƙara masa 's, a sami the teacher's room. Duk abin da ke hagu da alamar shi ne mai abu. In ka rufe dama da yatsa ka karanta hagu, za ka ga ko mutum ɗaya ka ba ɗakin ko jama'a. Jam'in da ba ya ƙarewa da s, kamar children da women da men, ana ƙara masa 's ne: children's ward, women's centre. Childrens' kuskure ne, domin babu wata kalma childrens.

Sunaye irin su Idris da Yunus kuwa, masana salon rubutu sun rabu a kansu: wasu suna rubuta Idris's book, wasu Idris' book. Duka biyun suna da magoya baya. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen takardarka. Jam'i zalla kuma, wanda babu mallaka a cikinsa, ba ya bukatar alamar. Allon shagon da aka rubuta Phone's for sale ya yi kuskure, Phones for sale ne daidai.

Sai babbar rigimar, its da it's. Ina tausaya wa duk wanda ya ruɗe a nan, domin hankali ne ya kai shi ga kuskuren: tun da Musa's na nufin na Musa, me zai hana it's ya zama nasa? Su kansu Turawan ƙarni na 17 da na 18 sukan rubuta it's da ma'anar mallaka. Amma ƙa'idar da aka daidaita a kanta daga baya ita ce, wakilan suna na mallaka ba sa ɗaukar alamar. His da hers da ours da yours da theirs duk babu waƙafi a jikinsu, its kuma ɗan gidansu ne. It's kuwa gajartawa ce kawai, ta it is ko it has. Its' kuma babu ita sam a Turanci.

Gwajin shi ne a warware kalmar. Ɗauki jimlar The goat broke it's leg. Warware ta: The goat broke it is leg. Maganar ta lalace, ke nan its ake bukata. A Hausa cewa za mu yi akuya ta karya ƙafarta, kuma duk inda ka ji -nsa, -rsa, -nta ko -rta a ma'anar, its ne. Yanzu ɗauki It's been raining: it has been raining ya zauna daram, alamar tana wurinta. Wannan gwajin ne kuma yake raba who's da whose, you're da your, they're da their. A kula da wayar hannu, sau da yawa takan sauya its zuwa it's da kanta yayin da ake rubutu.

Takardar gwada kai

Zaɓi daidai a kowace jimla kafin ka leƙa amsa.

1. The school changed its / it's uniform.
2. Its / It's too hot in Sokoto today.
3. The girl's / girls' bags are here. Jakunkunan 'yan mata uku ake nufi.
4. We visited the childrens' / children's ward.
5. Fresh egg's / eggs for sale.
6. Who's / Whose pen is this?
7. She does'nt / doesn't know.
8. Its / It's been a long day.

Amsoshi: 1 its, domin kayan makarantar ne. 2 It's, wato it is. 3 girls'. 4 children's. 5 eggs, jam'i ne kawai. 6 Whose. 7 doesn't. 8 It's, wato it has.

In ka faɗi ta 1, ta 2, ta 6 ko ta 8, warware kalma ne ba ka yi ba. In ta 3 ko ta 4 ce, koma ka fara rubuta mai abin shi kaɗai. Sannan ɗauko wasiƙar Turanci ta ƙarshe da ka rubuta, ka bi kowane waƙafin sama da ke cikinta ka tambaye shi: wane harafi aka cire a nan, ko kuwa wa ke da abin? Wanda bai amsa ko ɗaya ba, goge shi.