Kafin ka sa murya: yadda karin sauti ke hukunta waƙar Hausa

Akan ji sabuwar waƙa a rediyo, kiɗa ya zauna, murya ta yi zaƙi, kowane ɗango ya ƙare da harafi ɗaya, amma mai sauraro ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan kamar ba Bahaushe ne ya yi ta ba." In ka tambaye shi inda ta karkace, da wuya ya iya nuna maka. Kunnensa dai ya kama wani abu da takarda ba ta nunawa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna hawa da saukar murya, alhali a kan waɗannan biyun waƙar Hausa take tsaye.

Kowace gaɓa ta kalmar Hausa tana da nata karin sauti: ko sama, ko ƙasa, ko faɗau, wato murya ta tashi daga sama ta zubo ƙasa a cikin gaɓa ɗaya. Wannan kari ɓangare ne na kalmar, kamar baƙi da wasali. Wuya na jiki yana farawa sama ya sauka, wuya ta wahala kuwa tana farawa ƙasa ta hau. Kukan yaro sama yake tafiya gaba ɗaya, kukar miya tana sauka a ƙarshe. Mata da yawa sama-sama ne, matar mutum guda ƙasa-sama. Saboda haka ne ma kalangu yake iya magana. Makaɗi yana matse igiyoyinsa yana saki, sauti yana hawa yana sauka, mai ji ya gane kirarin da ake yi ba tare da an furta kalma ba.

To, mawaƙi ma hawa da saukar murya yake yi idan yana rerawa. Ke nan abu biyu ne suke neman murya ɗaya a lokaci guda: kalma tana da inda take so ta bi, rauji yana da nasa. Ƙwarewa ita ce a sasanta su, kuma sasantawar tana da mataki uku: nauyin gaɓa, amsa-amo, sannan hanyar da murya take bi.

A fara da nauyi, domin shi ne ƙashin bayan kari. Gaɓar Hausa iri biyu ce. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "gi" a gida. Mai nauyi ita ce wadda take da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko baƙi ya rufe ta, kamar "ra" a rana, "sau" a sauri, da "gas" a gaskiya. A wajen rerawa, mai nauyi takan ci kimanin lokacin marar nauyi biyu. Larabci ma haka yake rarraba gaɓoɓinsa, shi ya sa karuruwan aruli suka zauna daram a rubutacciyar waƙar Hausa tun zamanin masu jihadi. Joseph Greenberg ya yi bayanin wannan a 1949, M. K. M. Galadanci kuma ya faɗaɗa shi a 1975, har ya kira dangantakar da aure tsakanin waƙar Larabci da ta Hausa.

Bari mu gina baiti tare, a kan karin mutaƙarab, wanda ƙafarsa ita ce fa'ulun: marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu. Za mu jera ƙafa uku cikakku, ta huɗu mu yanke mata gaɓar ƙarshe. Ga ɗangon farko:

Idan kin yi nisa ina shan wuya

A yanka shi: i-dan-kin, yi-ni-sa, i-na-shan, wu-ya. Gaɓa goma sha ɗaya, kowace ƙafa ta fara da marar nauyi, sauran duk masu nauyi. Wanda ya tafa hannu yana karantawa zai ji ɗangon yana tafiya da kansa. Yanzu a gwada masa abokin tafiya:

Ki dawo gare ni cikin lafiya

A ido ba laifi, yawan gaɓoɓi ma daidai ne. Amma a ƙafa ta biyu, ga-re-ni, wannan "ni" gajera ce, ta zauna a gurbin mai nauyi. Mawaƙi zai tarar dole ya ja ta, ko ya bar rami a cikin kiɗa. Jan gajeren wasali kuwa ba ƙaramin abu ba ne a harshen da tsawon wasali kaɗai ya raba garin da ake zama da garin tuwo. Gyaran ba wuya: a ce "Ki dawo da sauri cikin lafiya". Da-sau-ri ta cika ƙafa, kari ya miƙe.

Sai mataki na biyu. Wuya da lafiya duk sun ƙare da "ya", don haka a ƙa'idar da aka saba koyarwa a makaranta amsa-amo ya samu. Amma a faɗe su a baki a saurara. Wuya ta wahala tana ƙarewa da hawa, lafiya tana ƙarewa da sauka. Idan aka rera ɗango biyun da rauji ɗaya, dole ɗaya daga cikinsu ta karye. Rauji ya sauka a ƙarshe, sai a ji kamar wuyan jiki mawaƙin yake sha. Rauji ya hau, sai lafiya ta fito kamar a bakin baƙo.

Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya yi zurfin nazari a kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu, shi ne ya jawo hankalin manazarta ga wannan, ya nuna cewa akwai amsa-amon kari: mawaƙan Hausa da yawa suna daidaita karin sautin ƙarshen ɗango ko baiti, ba harafi kaɗai ba. Ba a aji suka koye shi ba, kunne ne ya ba su. Abin da wannan yake nufi ga mai shirya waƙa shi ne, kalmomin da suka ƙare da "ya" ba gida ɗaya suke ba. Wuya ta wahala da zuciya da rijiya da tunkiya suna ƙarewa ƙasa-sama. Lafiya da duniya da tafiya suna ƙarewa sama-ƙasa. Gaskiya kuma sama take tafiya har ƙarshe. Idan aka zaɓi abokiya daga gidan wuya, baitin zai zama:

Idan kin yi nisa ina shan wuya
Tunaninki ne ke cikin zuciya

Nauyi ya daidaita, harafi ya daidaita, ƙarshen kowane ɗango ya sauka a gaɓa ta goma ya ɗaga a ta sha ɗaya. Idan kuwa rauji ne aka riga aka kafa, kuma sauka yake yi a ƙarshe, to ba a jayayya da shi, sai a koma ɗaya gidan:

Idan kin yi nisa cikin duniya
Ki dawo da sauri cikin lafiya

Mataki na uku shi ne cikin ɗangon kansa, kuma a nan ne masu farawa sukan tsorata, su ɗauka dole rauji ya bi kowace gaɓa sau da ƙafa. Ba haka ba ne. Da haka ne, da rera waƙa da karanta ta duk ɗaya ne. Abin da kunne yake lura da shi shi ne inda murya ta dosa daga wannan gaɓa zuwa ta gaba. Idan kalma ta hau rauji ya hau, madalla. Idan kalma ta hau rauji ya tsaya a inda yake, yawanci ana jurewa. Abin da yake ɓata waƙa shi ne kalma ta hau rauji ya sauka, ko ta sauka shi ya hau.

A duba ɗangonmu na farko. "I" ta idan ƙasa take. Daga nan gaɓa shida a jere duk sama ne: dan, kin, yi, ni, sa, da "i" ta ina. A wannan fili mawaƙi yana da sarari, yana iya zama a sauti ɗaya ko ya ɗan gangaro a hankali. Wuraren da ba a wasa da su uku ne: hawan farko daga "i" zuwa "dan", saukar da ke cikin ina, da ɗagawar ƙarshe ta wuya. "Shan" faɗau ce, tana son sauti mai ɗan tsawo wanda zai zubo.

Ɗagawar ƙarshen ba sai ta yi yawa ba. A maganar Hausa murya gangarowa take yi daga farkon jimla zuwa ƙarshe, duk sautin sama da ya biyo bayan na ƙasa ba ya kaiwa tsayin wanda ya gabace shi. Don haka "ya" ta wuya, ko da yake sama ce, tana ƙasa da "sa" ta nisa nesa ba kusa ba. Taki ɗaya ya ishe ta. Shi ya sa raujin da ya fara sama yana gangarowa yake yi wa Hausa daɗi, kamar yadda ake ji a waƙoƙin baka da yawa, shi kuwa wanda yake ta hawa har ƙarshen ɗango yakan matsa wa kalmomi.

Akwai inda ake yafe saɓani. Idan kalma ba ta da tagwaye, ko jimla ta riga ta bayyana ma'ana, mai sauraro zai wuce. Akwai kuma inda ba a yafewa. Na farko shi ne kalmomi masu kama da juna irin wuya da kuka da mata. Na biyu sunaye: Baba mahaifi ƙasa-sama ne, Baba uwa ko goggo sama-ƙasa, mai waƙar yabo da ya juya wannan ya yi abin kunya. Na uku ƙananan kalmomin da suke nuna lokaci. "Ya tafi" da dogon "ya" na sama labari ne na abin da ya wuce, da gajere na ƙasa umarni ne ko fata, da faɗau kuma hasashe ne cewa wataƙila zai tafi. Rauji ya taɓa wannan gaɓa guda, saƙon ɗangon ya sauya.

Matsalar ta fi fitowa a sutudiyo, inda akan fara buga kiɗan fiyano, wani lokaci a kan raujin da aka aro daga waƙar Indiya ko ta wani harshe da ba ya aiki da karin sauti, sannan a ce mawaƙi ya zuba kalmomi. Aro ba laifi ba ne, amma aikin zaɓen kalma ya ninku, domin rauji ba zai motsa ba. Makaɗan baka irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ba su da wannan ƙunci. Ma'aunin kiɗa tsayayye ne, amma muryar jagora tana lanƙwasa daga ɗango zuwa ɗango gwargwadon abin da kalmomi suka nema.

Gwajin da zai raba gardama ba ya bukatar kayan aiki. Ka faɗi ɗangonka kamar kana hira. Sannan ka rufe baki ka maimaita shi da guna kawai, ko da fito, don ka ji hawa da saukarsa tsirara. Sai ka yi gunar raujin da kake son ɗora shi a kai. Duk inda biyun suka ba juna baya, ka sa alama, ka tambayi kanka ko kalmar tana da tagwaye. In tana da su, ka sauya kalma, ko ka juya jimla, ko ka lanƙwasa rauji a wannan gaɓar. Daga ƙarshe ka rera wa wanda bai ga takardarka ba, ka ce ya maimaita abin da ya ji. Idan ya dawo maka da kalmominka yadda ka nufa, sai ka shiga sutudiyo. Idan ya tsaya yana tambayar me ka ce, koma ka gyara tun kafin a ɗauki murya.